Daga "Idan" Zuwa "Saboda Haka": Yadda Ake Gina Hujja Layi Bayan Layi

A shekarar 1966 wani Baturen Ingila masanin halayyar ɗan Adam, Peter Wason, ya fito da wata 'yar jarrabawa wadda har yau take kayar da masu ilimi. Za a jera maka kati huɗu a kan tebur, kowanne da harafi a fuska ɗaya da lamba a ɗaya fuskar. Abin da idonka yake gani shi ne A, K, 4 da 7. Sai a ce maka akwai doka: idan kati yana da wasali a fuska ɗaya, to lambar da ke bayansa cika ce, wato mai rabuwa biyu ba saura. Waɗanne katuna ne dole ka juya kafin ka san ko an karya dokar?

Mafi yawan mutane A da 4 suke ɗauka. Amsar kuwa A da 7 ce, kuma a gwaje-gwajen da aka yi ta maimaitawa, kusan mutum ɗaya cikin goma ne ke dacewa da ita. Ba rashin wayo ba ne. Kalmar "idan" ce take da hanya ɗaya, mu kuwa mun saba bin ta gaba da baya yadda muka ga dama. Reshen ilimin manɗiƙi da ke kula da wannan, wanda ake kira manɗiƙin jumloli, aikinsa shi ne ya faɗa maka takun da ya halatta daga maganar da aka yarda da ita zuwa wadda ake son tabbatarwa, da takun da bai halatta ba.

Jumla a nan tana nufin maganar da za a iya cewa gaskiya ce ko ƙarya ce. "An kawo wuta jiya da dare" jumla ce. "Rufe ƙofar" ba jumla ba ce a wannan fage, domin ba a gaskata umarni, ba a kuma ƙaryata shi. Ana ba kowace jumla harafi guda, a ce P ko Q, sannan a haɗa su da alamomi huɗu: ¬P na nufin ba P ba, P ∧ Q na nufin P da Q duka, P ∨ Q na nufin ko P ko Q, sai P → Q, wato idan P to Q. Maganganun da aka fara da su ana kiran su muƙaddimomi, abin da aka fitar daga cikinsu kuma natija. Hujja tana inganta ne idan babu wata hanya, ko ta ƙaƙa, da muƙaddimomin za su zama gaskiya natijar ta zama ƙarya.

Alama ta huɗun nan ita ce uwar rikici, don haka bari mu tsaya a kanta. Uba ya ce wa ɗansa, "Idan ka ci jarrabawa, zan saya maka keke." Yaushe za a ce uban ya yi ƙarya? A hali ɗaya tak: yaro ya ci, keke bai zo ba. In ya ci aka saya, magana ta cika. In ya faɗi ba a saya ba, ba wanda ya saɓa. In ya faɗi amma uban ya ji tausayinsa ya saya, nan ma bai karya alkawari ba, domin bai ce komai ba game da abin da zai faru in an faɗi. Wanda ya riƙe wannan, cewa P → Q ba ta ƙaryata sai P ta tabbata Q ta kasa, ya riƙe rabin darasin.

Daga nan doka ta farko take fitowa, wadda littattafai ke kira da sunan Latin modus fonens. Kana da P → Q, kana kuma da P, to rubuta Q. Sauƙinta har yana sa mutum ya ga kamar ba a faɗi komai ba. Amma duba dalilinta: an ba ka cewa alkawarin gaskiya ne, an ba ka cewa sharaɗin ya tabbata, hali ɗaya kawai da Q za ta zama ƙarya shi ne wanda alkawarin zai karye, kuma an riga an toshe shi. Masanin Girka Kirisifus, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, ya sanya ta farko a cikin siffofin hujja biyar da ya ce ba sa bukatar a kafa musu wata hujja. Malaman manɗiƙi na Musulunci, irin su Ibn Sina, sun tattauna ta a babin ƙiyasi istisna'i, suna kiran ɓangaren "idan" muƙaddami, ɓangaren "to" kuma tali. Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Shehu Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi rubutu a kan manɗiƙi, ya kuma kare shi a musayar baitoci da Imam Suyuɗi wanda yake ganin haramcinsa. Littafin Sullam na Abdurrahman Ahdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16, yana cikin waɗanda almajiran zaure ke karantawa, kuma ya kawo wannan babi.

Doka ta biyu ita ce wadda katin 7 ya ɓoye. Daga P → Q kana iya rubuta ¬Q → ¬P: ka juya ɓangarorin biyu, ka kuma kore kowannensu. Turawa na ce mata kwantarafozitif, mu kira ta juyi da korewa. Idan ɗan Kano ne to ɗan Nijeriya ne. Saboda haka idan ba ɗan Nijeriya ba ne, to ba ɗan Kano ba ne. Jumlolin biyu magana ɗaya ce, domin abin da zai ƙaryata ta farko, wato a sami ɗan Kanon da ba ɗan Nijeriya ba, shi ne dai zai ƙaryata ta biyu. Dokar Wason ta ce wasali yana jawo cika, juyinta kuma ya ce mara ba ta zama da wasali. To 7 mara ce, dole a duba bayanta, in aka ga wasali doka ta karye. Katin 4 kuwa ko me ke bayansa ba ruwan doka, domin ba ta ce baƙi ba zai iya zama da cika ba. In ka haɗa juyi da korewa da modus fonens, wato kana da P → Q da ¬Q ka fitar da ¬P, ka sami abin da ake kira modus tolens.

Waɗannan biyu suna da 'yan uwa biyu na jabu masu kama da su ƙwarai. Na farko shi ne a juya ba a kore ba: ɗan Nijeriya ne, saboda haka ɗan Kano ne. Na biyu shi ne a kore ba a juya ba: ba ɗan Kano ba ne, saboda haka ba ɗan Nijeriya ba ne. Basakkwace guda ya isa ya rushe su duka. A wannan misali kowa yana ganin kuskuren domin ya san taswira. Inda abin ke cin mutane shi ne wurin da ba su san amsar ba tun farko. "Idan ɓarawo ne zai gudu, ga shi ya gudu, ashe ɓarawo ne." Siffar ɗaya ce da ta ɗan Nijeriya da ɗan Kano, sai dai a nan ran mutum ake iya rasawa a kanta, alhali tsoron taron jama'a kaɗai ya isa ya sa mai gaskiya ya ranta a na kare.

Sauran dokokin da za mu bukata guda uku ne, kuma ba su da wuya. Akwai warewa: daga P ∧ Q kana iya ɗaukar P ita kaɗai, ko Q ita kaɗai. Akwai sarƙa: daga P → Q da Q → R kana samun P → R. Akwai kuma tankaɗe: daga P ∨ Q da ¬P, abin da ya rage shi ne Q. Wannan ta ƙarshe tana da ɗan tarko. "Ko" ta manɗiƙi ba ta hana duka biyun su zama gaskiya, don haka kore ɗaya yana tabbatar da ɗayar, amma tabbatar da ɗaya ba ya kore ɗayar. In aka ce mota ta ƙi tashi ko don batir ko don mai, ka duba ka ga batir ya mutu, wannan bai nuna akwai mai a tanki ba.

Yanzu mu sa su aiki. A ɗauka wata unguwa tana da rijiyar burtsatse da tanki a sama, da injin da ke tashi da kansa duk lokacin da aka kawo wuta. Layin wutar rijiyar daban yake da na gidaje, ba wanda ya san ko an kawo cikin dare. An wayi gari famfo a bushe, aka sayi ruwa wurin 'yan garuwa, sai gardama ta tashi a kan wanda zai biya. Yarjejeniyar da ke ƙasa ta ce in rashin wuta ne, asusun kwamitin unguwa ne zai biya. Mai gyaran famfo ya bi bututu kaf ya ce ba inda ya fashe. Sakataren kwamiti yana son ya nuna cewa kwamiti ne da biya.

Aikin farko shi ne raba haruffa. W: an kawo wuta. F: injin ya tura ruwa. T: tanki ya cika. B: famfo ya bushe da safe. Y: bututu yana yoyo. K: kwamiti ne zai biya. Abubuwan da kowa a wurin ya yarda da su biyar ne. Idan an kawo wuta, injin ya tura ruwa. Idan injin ya tura ruwa, tanki ya cika. Idan famfo ya bushe da safe, to ko tanki bai cika ba ko bututu yana yoyo. Famfo ya bushe, kuma bututu ba ya yoyo. Idan ba a kawo wuta ba, kwamiti ne zai biya.

```
1. W → F
2. F → T
3. B → (¬T ∨ Y)
4. B ∧ ¬Y
5. ¬W → K
```

Ɗalibi sabon shiga yakan fara daga layi na 1 yana jujjuya shi, ya rasa inda zai dosa. Gwani daga ƙarshe yake farawa. Me ake nema? K. Ina K take? A layi na 5 kawai, a bayan kibiya, kuma mabuɗinta ¬W. To yanzu ¬W ake nema. W tana layi na 1, amma a gaban kibiya, kuma hanyar kore abin da ke gaban kibiya ita ce a kore abin da ke bayanta, wato ana bukatar juyi da korewa. Wuta tana kai wa ga inji, inji yana kai wa ga tanki, ashe in aka sami ¬T an gama. ¬T kuwa tana kulle a layi na 3, mabuɗinta B, kuma B tana kwance a layi na 4 ba wani sharaɗi a kanta. Da aka gano hanyar daga baya, sai a rubuta ta daga gaba, kowane layi da lambar layukan da ya fito daga cikinsu da sunan dokar da ta ba shi izini.

```
6.  B          4, warewa
7.  ¬Y         4, warewa
8.  ¬T ∨ Y     3 da 6, modus fonens
9.  ¬T         8 da 7, tankaɗe
10. W → T      1 da 2, sarƙa
11. ¬T → ¬W    10, juyi da korewa
12. ¬W         11 da 9, modus fonens
13. K          5 da 12, modus fonens
```

A karanta shi da bakin mutane. Famfo ya bushe, bututu kuma lafiyarsa ƙalau. Tunda ya bushe, ko tanki bai cika ba ko akwai yoyo. Babu yoyo, ashe tanki ne bai cika ba. Da an kawo wuta da tanki ya cika, wanda daidai yake da a ce in tanki bai cika ba to ba a kawo wuta ba. Tanki bai cika ba, saboda haka ba a kawo wuta ba. Yarjejeniya kuma ta ce in haka ne kwamiti ne zai biya. Ba wanda ya tashi cikin dare ya ga ƙwan lantarki, amma layi na 12 ya fito daga abin da kowa ya riga ya amince da shi.

Wannan salon rubutu, na jera layuka kowanne da dalilinsa a gefe, ya samo asali daga aikin Bajamushe Gerhard Gentzen da ɗan Folan Stanislaw Jaskowski, waɗanda kowannensu ya fito da nasa tsarin a wajajen 1934. Amfaninsa kamar na magini ne mai jera tubali da igiya: ba a ɗora sabon layi sai a kan wanda ya riga ya zauna, in kuwa gini ya karkace ana iya nuna ainihin layin da ya fara kaucewa. Mai ja da sakatare ba zai ce "ni dai ban yarda ba" ya tsaya nan ba. Dole ya nuna layi, ya ce ko an yi amfani da doka ba daidai ba, ko kuma ɗaya daga cikin biyar ɗin farko ba gaskiya ba ce.

Kurakuran da aka fi yi wajen amfani da dokokin sanannu ne. Modus fonens tana bukatar gaban kibiya gaba ɗayansa: in kana da (P ∧ Q) → R, samun P kaɗai bai ba ka R ba. Ba a kuma shiga cikin jumla a yanko abin da ke kulle: a layi na 3 ba ka da ikon ɗaukar ¬T ∨ Y sai ka kawo B. Sannan akwai kuskuren da ke faruwa tun kafin a fara, wajen mayar da magana alama. "Ba a shiga sai da tikiti" na nufin wanda duk ya shiga yana da tikiti, wato kibiya daga shiga take tashi zuwa tikiti. Ba ta ce mai tikiti dole ya shiga ba. Wanda ya kifar da kibiyar nan, duk abin da ya gina a kai ya tashi a banza ko da kowane layi na gaba daidai ne.

Yaya za a gane hujjar da ba ta inganta ba? Kasa fitar da natija ba shaida ba ce, wataƙila kai ne ba ka ga hanya ba. Shaidar ita ce a kawo hali guda da muƙaddimomi duka suke gaskiya natija kuma ƙarya. A ce washegari an tarar da tanki cike, wani ya ce ai an kawo wuta. Hujjarsa: W → F, F → T, da T, saboda haka W. Sai ka ɗauka W ƙarya ce, ka ga ko sauran za su tsaya. Ba wuta, amma mai gadi ya tada janareta, inji ya tura ruwa, tanki ya cika. W → F ba ta karye ba tunda sharaɗinta bai faru ba, F → T gaskiya, T gaskiya, W ƙarya. Hujja ta faɗi. Lura cewa ba a ce lalle janareta aka tada ba. Yiwuwar hakan kaɗai ta isa.

Akwai hanyar da ba ta bukatar dabara, wato jadawalin gaskiya, inda ake jera duk halayen da za su yiwu a duba su ɗaya bayan ɗaya. Matsalarsa yawa. Kowane harafi yana ninka layuka biyu: haruffa 2 layi 4, haruffa 3 layi 8, namu guda 6 layi 64, haruffa 20 kuwa sun haura layi miliyan ɗaya. Layi takwas na sakatare sun yi aikin layi 64, kuma sun fi shi da abu guda, suna nuna dalili, ba sakamako kawai ba.

Saura babbar iyakar wannan ilimi, wadda a ganina ita aka fi mantawa. Inganci magana ce ta siffa. Yana ba da tabbacin cewa in muƙaddimomi gaskiya ne natija gaskiya ce, amma bai san komai ba game da wuta ko bututu. A ce ma'ajin kwamiti, wanda ba ya son taɓa asusu, ya miƙe ya ce, "Malam Sakatare, lissafinka ba inda ya karkace, amma layinka na farko fa? In injin ne ya ƙone, ai ko an kawo wuta ba zai tura ruwa ba." Ya yi daidai, kuma ya kai hari inda ya dace. Dole a ƙara harafi, L: injin lafiyarsa lau, a gyara layi na 1 ya koma (W ∧ L) → F.

Duba abin da wannan ɗan gyara ya yi. Layuka na 6 zuwa 9 suna nan yadda suke, tanki dai bai cika ba. Sarƙa yanzu tana ba da (W ∧ L) → T, juyi da korewa ya ba da ¬T → ¬(W ∧ L), modus fonens kuma ta ba da ¬(W ∧ L). A nan ake zamewa, domin wasu sukan raba korewar ga kowanne su ce ba wuta kuma inji ya lalace. Dokar da ake jingina wa Augustus De Morgan, masanin lissafi na ƙarni na 19, ta ce korewar "P da Q" ita ce "ko ba P ba ko ba Q ba". Abin da aka samu ke nan ¬W ∨ ¬L: ko ba a kawo wuta ba, ko inji ba lafiya, ko duka biyun. Daga nan ¬W ba ta fita, K ma ba ta fita. Ana iya tabbatar da haka da hali guda: an kawo wuta, inji a ƙone, bai tura ruwa ba, tanki bai cika ba, famfo ya bushe, ba yoyo, kwamiti kuma bai biya ba. Duk muƙaddimomi biyar sun tsaya a wannan hali, har da ta biyar, tunda sharaɗinta na rashin wuta bai faru ba.

Hujjar ta tsaya cik, amma ta nuna ainihin abin da ya rage a nemo, jumla ɗaya ce, L. Sai a kira mai gyaran lantarki ya gwada injin da janareta. In ya tashi ya tura ruwa, an sami L, tankaɗe ya fitar da ¬W daga ¬W ∨ ¬L, layi na 5 ya ba da K, ma'aji ya buɗe asusu. In ya ƙi tashi, an sami ¬L, wadda ba ta ce komai ba game da wuta, domin tabbatar da ɓangare ɗaya na "ko" ba ya kore ɗayan. A wannan hali sai kwamiti ya nemi wata shaidar daban, kamar karatun mitar rijiyar na jiya da na yau, kafin a san mai biyan 'yan garuwa.